Gyaran fuska a hoto da manhajar waya ta kyauta: tambayoyi da amsoshi

Wace manhaja ce ta fi kyau a cikin na kyauta?

Amsar ta danganta da abin da kake son cirewa daga fuskar, domin manhajojin nan ba aiki iri ɗaya suke yi ba ko da tallarsu ta yi kama da juna. Idan ka duba yadda suke taɓa hoto za ka ga kashi uku ne.

Kashi na farko suna ɗebo fata daga wani wuri a cikin hotonka su rufe aibin da ita. Haka Healing na Snapseed yake aiki: ka taɓa ƙurji, ya ɗauko fatar da ke gefensa ya shimfiɗa a kai. Duk abin da ya fito a ƙarshe daga cikin hotonka ya fito. Kashi na biyu su ne masu gano fuska da kansu su bi ta da laushi, su haska ido, su rage faɗin haɓa, irin su BeautyPlus, Meitu, YouCam Perfect, AirBrush da Facetune. Waɗannan ma da hotonka suke aiki, sai dai suna dusar da shi ne ko su lanƙwasa shi. Kashi na uku, irin su Remini da FaceApp, suna sake zana fuskar ne da ƙirƙirarriyar basira, wato suna ƙara abin da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba.

Ga ƙurji ɗaya ko biyu, da maiƙon goshi, da inuwar ƙasan ido, ni Snapseed nake fara ambata. Ta Google ce, ba ta da talla, ba ta liƙa tambari a hoto, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma kayan aikinta ba a kulle suke ba. Aibinta shi ne ba ta yi maka komai da taɓawa ɗaya, sai ka ɗan koya. Wanda yake son ya latsa maɓalli ɗaya ya tura, kashi na biyu ne nasa, matuƙar ya yarda zai riƙa rage ƙarfin abin da manhajar ta zaɓa masa.

Yaya zan gane ko "kyauta" ɗin da aka rubuta kyauta ce ta gaske?

Kada ka tsaya a wajen saukewa, je ka wajen ajiyewa. Dabarar da yawancinsu suke yi ita ce su bar ka ka gwada komai, ka ga fuska ta yi yadda kake so, sai ka zo adana hoton a ce maka sai ka biya. Kayan da ke buƙatar kuɗi galibi suna da ƙaramar alama a jikinsu, kambi ko tauraro ko rubutun Pro, VIP ko Premium. Idan ka yi amfani da guda ɗaya daga cikinsu, a wasu manhajojin hoton gaba ɗaya ba zai fita ba sai ka cire wannan gyaran.

Saboda haka kafin ka ɓata lokaci, ɗauki hoton da ba ka damu da shi ba, ka yi masa gyaran da ka saba bukata, ka adana shi. Sannan ka duba ko an liƙa masa tambari a kusurwa, ka kuma buɗe bayanan hoton a ma'ajiyar hotunan wayar ka kwatanta girmansa da na asali. Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel kusan 4000 da tsayin fiksel 3000. Idan wanda ya fito daga manhajar ya koma dubu ɗaya da wani abu, an rage maka shi, kuma za ka ji a jikinka ranar da ka zo wanke shi a takarda.

Lightroom ta waya misali ce mai kyau ta rabin kyauta. Gyaran haske da launi a buɗe suke, kuma suna da inganci ƙwarai, amma zaɓar wani sashe na fuska a gyara shi shi kaɗai da Masking yana cikin na masu biya. Don haka tana da amfani wajen daidaita launin fata, ba ita ce za ka nufa don ɗan ƙurji ba.

To, a aikace yaya ake yi? A ba ni misali daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauka hoto ne da aka ɗauka da kyamarar gaba a cikin ɗaki, fitila tana sama. Akwai ƙurji a kumatun hagu, goshi yana ƙyalli, ƙasan ido ya yi duhu, fatar kuma ta ɗan yi ruwan ɗorawa saboda launin fitilar. Ga yadda zan bi shi a Snapseed. Wurin da maɓallan suke zai iya bambanta tsakanin sabon fitowa da tsoho, amma aikin ɗaya ne.

Launi ake fara gyarawa, ba fata ba. Buɗe White Balance ka ja Temperature zuwa ɓangaren sanyi kaɗan kaɗan, idonka yana kan farin ido ko wata farar riga da ke cikin hoton. Da zarar farin ya koma fari ka tsaya. Dalilin farawa da nan shi ne launin fitila yana ƙara fito da ja da tabo, kuma sau da yawa rabin abin da ya dame ka a fatar zai lafa da wannan kaɗai.

Daga nan sai Tune Image. Rage Highlights da kamar 20 zuwa 30 don ƙyallin goshi ya kwanta, ka ɗaga Shadows da kamar 10 zuwa 15 don ƙasan ido ya buɗe. Kada ka taɓa Brightness idan fuskar ba ta yi duhu gaba ɗaya ba, domin shi yana haska komai ne har da goshin da kake ƙoƙarin kwantarwa. Shadows ma yana da iyaka: inda inuwa take nan ne hoton waya ya fi tara ƙura-ƙuran ɗigo, kana ɗagawa suna fitowa. Idan ka ga ƙasan ido ya fara yin tsaki-tsaki mai launin kore da ja, ka wuce gona da iri, koma baya.

Yanzu ƙurjin. Buɗe Healing ka zuƙo hoton da yatsu biyu har ƙurjin ya kai girman kan yatsanka a fuskar waya. Wannan shi ne sirrin aikin, domin gwargwadon yadda ka zuƙo gwargwadon ƙanƙantar wurin da yatsanka zai shafa. Taɓa shi sau ɗaya, kada ka ja layi. Idan facin bai zauna ba, danna kibiyar komawa ka sake taɓawa daga wani gefe. Mutane da yawa suna maimaita taɓawa a kan facin da ya riga ya lalace, sai wurin ya zama wani dunƙule mai santsi wanda ya fi ƙurjin jan ido. Ka kuma kiyayi aibin da ke dab da leɓe, gira ko gefen hanci. Manhajar ba ta san mene ne leɓe ba, abin da ke kusa kawai take kwafowa, sai ka ga ɗan jan leɓe ko silin gira ya bayyana a tsakiyar kumatu.

Idan har yanzu ƙasan ido da sauran duhu, yi amfani da Selective: ɗora ɗigo a wurin, matse da yatsu biyu har jan da ke nuna iyakarsa ya tsaya a ƙasan idon kawai, sannan ka ƙara haske da kamar 10. Ka bar ɗan duhun. Fuskar da aka share wa inuwar ƙasan ido kwata-kwata tana bajewa, idon ya zama kamar ɗora shi aka yi.

Laushin fata shi ne na ƙarshe, idan ma ana bukatarsa. A Portrait akwai Face Spotlight, Skin Smoothing da Eye Clarity. Ni ba na wuce 20 zuwa 25 a Skin Smoothing, Eye Clarity kuma ƙasa da haka. Kafin ka adana, danna hoton ka riƙe don ka ga na asali, ka saki ka ga gyararre. Idan bambancin ya buge ka nan take, ya yi yawa. Shiga View edits ka rage matakin da ya yi ƙarfi, ba sai ka faro daga farko ba. Duk aikin nan bai fi minti uku zuwa biyar ba idan hannu ya saba.

Me ya sa fuska take komawa kamar roba?

Saboda laushin fata dusarwa ce. Fata ta gaske tana da ƙananan ramuka da siraran gashi da layuka, kuma su ne suke gaya wa idon mai kallo cewa mutum yake gani. Manhajar ba ta iya raba ƙurji da waɗannan sosai, sai ta shafe su tare. Abin da ke tona asiri shi ne rashin daidaito: kumatu sumul, amma wuya da kunne da hannu suna nan da fatarsu ta asali, gashin gira kuma kaifi kamar an zana. Duba iyakar gashin kai da gefen gemu, nan ne dusarwar take tsayawa kwatsam.

Akwai kuma wani abin da ake mantawa. Kyamarar gaba ta wayoyi da yawa tana zuwa da nata laushin a kunne, da suna irin Beauty ko Face retouching. Idan ka ɗora na manhaja a kan wannan, sau biyu ke nan aka shafe fatar. Kashe na kyamara tun kafin ɗauka. Abin da ka shafe a manhaja za ka iya dawo da shi, wanda kyamara ta shafe tun wajen ɗauka ya tafi ke nan.

Ina gyara hoto sai in ga launin fatata ya yi haske ko ya yi toka. Laifina ne?

Yawanci ba laifinka ba ne. Maɓallin taɓawa ɗaya, mai suna Auto ko Enhance ko Beautify, yakan haɗa laushi da ƙarin haske a dunƙule ba tare da ya tambaye ka ba. A fata mai duhu sakamakon shi ne fuska ta fi wuya haske, ko ta yi fari-fari kamar an shafa toka, domin an ɗaga haske ba a riƙe launin ba. Matsalar tsohuwa ce: a 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa bayan an lura cewa wani tacensa na ƙara kyau yana haska fatar mutane.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, kwatanta kumatu da wuya ko bayan hannu a cikin hoton. Idan sun rabu, nemi ma'aunin da aka rubuta wa Whiten, Brighten ko Skin tone ka mayar da shi sifili. Manhajar da ba ta ba ka damar raba haske da laushi ba, ka sauke wata. Idan fuska ta yi duhu ne don ƙarancin haske, ɗaga Shadows kaɗan ka ƙara Warmth ɗan mitsitsi, ya fi ka ja Brightness.

Hotona ya dushe, ba a ganin fuskar sosai. Remini za ta dawo da ita?

Za ta ba ka fuska mai kaifi, amma ba dawo da ita ta yi ba. Bayanin da kyamara ba ta ɗauka ba babu inda yake ɓoye a cikin hoton. Abin da irin wannan manhaja take yi shi ne ta dubi dusasshen hoton ta yi hasashen ido da haƙori da fatar da suka fi dacewa da shi, bisa ɗimbin fuskokin da aka horar da ita da su, sannan ta zana. Idan dushewar kaɗan ce hasashen yakan faɗa kusa, har ka yi mamaki. Idan fuskar ƙarama ce a cikin hoton taro, ko tsohon hoto ne da ya sha wahala, sai a samu mutumin da ya yi kama da kai amma ba kai ba.

Wuraren da za ka bincika su ne siffar ido da inda yake kallo, jerin haƙora, tabo ko tawadar Allah da ta ɓace ko ta sauya wuri, da firam ɗin tabarau. Wanda ya san mai hoton yakan ce "akwai abin da ya canza" tun kafin ya iya nuna wurin. Wannan ya fi nauyi a hoton wanda ya rasu, inda iyali za su ajiye fuskar da na'ura ta ƙaga a matsayin tasa. Idan za ka yi, ajiye na asalin a gefe, ka kuma gaya wa wanda ka tura wa cewa gyararre ne.

Akwai abin da babu manhajar da za ta iya gyarawa?

Akwai, kuma sanin su yana rage wahala. Na farko shi ne wurin da haske ya ƙone. A hoton JPEG kowane launi yana tsakanin 0 da 255 ne, kuma inda goshi ko kan hanci ya kai 255 ya zama fari fat, babu fata a ƙarƙashinsa. Ja Highlights ƙasa zai mayar da farin toka-toka ne kawai. Idan wurin ƙarami ne Healing zai iya rufe shi da fatar gefe, idan ya kai rabin goshi sake ɗauka ya fi.

Na biyu shi ne girman hanci a hoton da mutum ya ɗauki kansa. Wannan ba aibin fuska ba ne, aikin tazara ne: hanci ya fi kunne kusa da kyamara, don haka yake kumbura. Wani bincike da aka buga a 2018 ya lissafa cewa a tazarar santimita 30 hanci yana bayyana da ƙarin faɗin kusan kashi 30 cikin ɗari, a mita ɗaya da rabi kuwa yana komawa kusan yadda yake. Maɓallan Reshape da Slim suna matse wurin ne tare da duk abin da ke bayansa, shi ya sa ake ganin ƙofa ko layin bango ya lanƙwashe a gefen kumatu. Ja da baya, ko ka ba wani ya ɗauke ka, ya fi kowane maɓalli.

Inuwa mai kaifi da ta raba fuska biyu, irin ta rana tsaka, ita ma ba ta gyaruwa da kyau a waya. Fuskantar taga ko shiga inuwa kafin ɗauka yana ɗaukar daƙiƙa goma.

Ina hotona yake zuwa idan na saka shi a manhajar?

Wasu suna yin aikin a cikin wayarka, wasu suna tura hoton zuwa kwamfutocin kamfaninsu a gyara a dawo da shi. Gwajin ba shi da wuya: kashe data da Wi-Fi ka gwada gyaran. Abin da ya yi aiki a haka a wayar ake yin sa. Abin da ya tsaya yana juyawa ko ya ce babu intanet, to hoton fita yake yi. Kayan Snapseed da na ambata a sama suna aiki babu intanet. Remini da FaceApp kuwa sai sun tura, kuma kan wannan ne aka yi ta ce-ce-ku-ce game da FaceApp a 2019.

Tura hoto ba lallai ya zama mugun abu ba, amma ya kamata ka san kana yi, musamman idan hoton yaro ne ko na wani da bai ba ka izini ba. Lokacin da manhaja ta nemi shiga hotunanka, ba dole ne ka buɗe mata duka ba. IPhone tun daga iOS 14, Android kuma tun daga 14, suna ba ka damar zaɓar hotunan da za ta gani kawai. Manhajar gyaran fuska da ta nemi lambobin wayarka ko inda kake, hana ta, ba ta bukatarsu don cire ƙurji.

Na danna gwajin kyauta na 'yan kwanaki. Idan na goge manhajar shi ke nan?

A'a. Goge manhaja ba ya soke biyan kuɗi, domin yarjejeniyar tana wajen Google ko Apple ne, ba a cikin manhajar ba. A Android buɗe Play Store, taɓa hoton asusunka, shiga Payments & subscriptions sannan Subscriptions. A iPhone shiga Settings, taɓa sunanka, sannan Subscriptions. Soke shi aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Ka kuma karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan maɓallin kafin ka danna, don wasu kuɗin mako-mako suke cira, wasu kuma na shekara guda a dunƙule.

Hoton ya yi kyau a wayata, amma da na tura sai ya lalace. Me ya faru?

JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanin hoto duk lokacin da aka sake adana shi. Idan ka bi da hoto ta manhaja uku, ka adana sau uku, sannan manhajar saƙo ta sake matse shi, fatar da ka lallaɓa za ta fito da ƙananan murabba'ai da layin launi, musamman a kumatu da goshi inda launi yake sauyawa a hankali. Yi duk gyaran a manhaja ɗaya in zai yiwu, ka adana sau ɗaya. A saitin Snapseed akwai Format and quality, mayar da shi JPG 100% idan za ka wuce da hoton wata manhajar. A WhatsApp zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin Document idan wanke shi za a yi. Kada ka yi gyara a kan hoton allo da ka ɗauka na wani hoton, nemi na asalin.

Ko ina bukatar sauke wata manhaja ma?

Wataƙila a'a. Google Photos ta buɗe wa kowa Magic Eraser kyauta tun 2024, wayoyin Samsung da yawa suna da Object eraser, iPhone masu ƙarfin ɗaukarsa kuma suna da Clean Up tun iOS 18.1. An yi su ne don cire abubuwa daga bayan hoto, saboda haka a kan fata wani lokaci suna barin faci mai santsi, sai ka zuƙo ka duba. Amma don rage ƙyalli da daidaita launi, abin da ya zo da wayar ya isa.

Zan iya gyara hoton fasfo ko na katin shaida?

Kada ka taɓa fuskar. Hukumomin fasfo na ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya sun faɗa ƙarara cewa ba sa karɓar hoton da aka sauya da manhaja ko tace, kuma dalilin a fili yake: na'ura ce za ta kwatanta hoton da fuskarka a bakin iyaka, tana auna tazarar ido da siffar hanci da haɓa. Laushin da kyamarar gaba take yi da kanta ma yana cikin abin da ake nufi, don haka ka tabbata a kashe yake. Idan ƙurji ya fito maka ranar, a ɗauke ka da shi.

Hoton neman aiki ko na shafin sana'a yana da sassauci. Ma'aunin da masu gyaran hoto suka saba bi shi ne a cire abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji, kaushin leɓe ko jan ido na rashin barci, a bar abin da yake na dindindin, kamar tabo, tawadar Allah da layukan shekaru. Idan kuwa hoton na talla ne, musamman tallar man shafawa ko kayan kwalliya, ka duba dokar inda za a buga shi: Faransa tun 2017 ta wajabta sanya alama a hoton talla da aka sauya surar jikin mai tallar, Norway kuma ta fara aiki da tata dokar a 2022, wadda ta haɗa har da gyaran fata.